Gasa Dankali Sukutum: Obin ko Maikirowef?

Duk wanda ya taɓa tura dankali cikin rushi bayan an sauke tuwo, ya jira, ya tono shi yana hura yatsu, ya san gasasshen dankali ya fi dafaffe zaƙi da gardi. Yau gidaje da yawa suna da obin na gas ko na lantarki, wasu kuma har da maikirowef, sai tambaya ta zama: a wanne za a gasa, kuma minti nawa? Dankalin Hausa nake nufi, mai zaƙi, wanda a wasu wurare ake kira kudaku, kuma a gasa shi sukutum da ɓawonsa.

Kafin maganar mintuna, a riƙe abu guda: kaurin dankali ne yake yanke lokaci, tsawonsa bai cika shiga lissafi ba. Zafi daga ɓawo yake ratsawa sannu a hankali zuwa tsakiya. Dogo siriri yakan riga gajere dunƙulalle nuna ko da nauyinsu ɗaya. Shi ya sa idan uwargida za ta sayi na gashi, gara ta tsinci masu kauri kusan ɗaya a cikin kashin, ta bar manyan ƙosassun nan don fate ko suya. Ta kuma kauce wa mai ƙananan huji baƙaƙe, domin ɓarnar ƙwaro ce, kuma ɗacinsa ba ya fita da gashi.

Shirin iri ɗaya ne ko ina za a saka. A wanke ƙasar tas, a tsane shi, sannan a soka masa cokali mai yatsu sau shida zuwa takwas a kewaye. Hujin nan ƙofar tururi ce. In babu ita, dankali yana iya fashewa, musamman a maikirowef.

A obin, a fara kunna shi ya yi minti 10 zuwa 15 har ya kai digiri 200, wato lamba 6 a obin ɗin gas mai irin wannan lambobi. A jera dankalin a tire ba tare da sun manne da juna ba, a shimfiɗa takardar alminiyam a ƙarƙashi saboda ruwan zaƙin da zai ɗiga. Ƙarami, mai kamar giram 150, wanda hannu ke iya rufewa, yana son minti 35 zuwa 45. Matsakaici, giram 250 zuwa 300, minti 45 zuwa awa ɗaya. Babba da ya haura giram 400 kan ci awa ɗaya da kwata, wani ma ya zarce. Daɗin obin shi ne ko guda biyu ne ko guda shida, lokacin bai cika canzawa ba. Ni ba na naɗe shi da takardar alminiyam, domin naɗewar tana tsare tururi, sai ya fito kamar turararre, ɓawo a jiƙe.

Maikirowef kuwa lissafinsa daban. A na'ura mai ƙarfin wat 800 zuwa 1,000, ƙarami yana nuna cikin minti 4 zuwa 5, matsakaici 6 zuwa 8, babba 9 zuwa 12, kuma a juya shi idan an ci rabin lokacin. Nan kowane dankali da aka ƙara yana ƙara lokaci, don ƙarfin na'urar rabuwa yake a tsakaninsu. Guda biyu sukan ci kusan ninki. A ɗora a farantin tangaran, kada ƙarfe ko takardar alminiyam su shiga. Idan wutar ta zo da rauni, ko da ƙaramin janareta ake aiki, mintunan nan za su gaza, sai an ƙara.

To me ya sa na obin ya fi zaƙi, alhali dankali ɗaya ne daga buhu ɗaya? A jikin dankali akwai wani sinadari da ke narka sitaci ya mayar da shi sukari, kuma ya fi aiki yayin da zafin cikin ke tsakanin kusan digiri 60 zuwa 75. Da zafi ya haura haka, sinadarin ya mutu. A obin, kamar a rushi, cikin dankalin yana daɗewa a wannan tsakani, sai zaƙi ya taru, har ka ga wani ruwa kamar zuma yana tsattsafowa ta hujin yana daskarewa a tire. Maikirowef tsallake wannan mataki yake yi a guje. Dankalin zai nuna, amma zaƙinsa bai wuce na dafaffe ba, ɓawon kuma ba ya gasuwa. Wannan bambanci ya fi fitowa a farin dankalinmu mai gari, wanda da ma ruwansa kaɗan ne. Mai jan ciki, ruwan lemo, ya fi shi danshi, ya fi kuma jure wa maikirowef. Idan fari ne, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu ta kicin don kada ya bushe.

Agogo dai jagora ne kawai, hannu ne alƙali. A soka siririyar wuƙa ko tsinken tsire a wuri mafi kauri har tsakiya. In ya shige sulu ya fito sulu, an gama. In ya shiga da sauƙi sannan ya ci karo da tauri, tsakiyar tana nan garas-garas. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwadawa a kan bakin dankalin, wanda shi ke fara nuna tun tsakiya tana ɗanya. Sai kuma a kama shi da tsumma a matsa gefe da gefe: nunanne yana lotsawa tiɓis, ɓawon ya ɗan saki jiki. Mai ma'aunin zafin abinci zai ga digiri 96 zuwa 99 a tsakiya.

A ce ga dankali uku, na giram 150, na 280 da na 450, duk an zuba a obin ƙarfe biyar daidai. Biyar da minti arba'in a gwada ƙaramin a cire. Shida saura minti biyar a gwada matsakaicin. In tsinke ya tsaya, a ba shi minti 10. Babban kada a dame shi sai shida da minti goma, domin yawan buɗe ƙofa zafi yake zubarwa. Da za a cire su tare, ko dai ƙaramin ya ƙeƙashe ko babban ya fito ɗanye.

A maikirowef ƙarin ba ya wuce minti ɗaiɗai, saboda tsakanin nuna da lalacewa tazarar kaɗan ce. In ya wuce, bakunan sukan yamutse su yi tauri kamar itace, in aka manta da shi kuma yana iya ƙonewa har ya yi hayaƙi. A tsayar tun tsakiyar na da ɗan sauran ƙarfi, a bar shi a rufe minti 3 zuwa 5, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa aikin.

Akwai kuma hanyar raba gardama ga babban dankali: minti 5 a maikirowef, sannan minti 20 zuwa 25 a obin mai digiri 220. Ɓawo zai gasu, gas zai yi saura, sai dai zaƙin ba zai kai na cikakken gashi ba. A ganina, idan guda ɗaya ne za a yi wa yaro kafin ya fita makaranta, maikirowef ya wadatar. Amma idan na iyali ne, za a tsaga a zuba man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli a ci a natse, a kunna obin a ba shi awarsa cikakkiya.