Kafin a karɓe wayar yarinya, a tambayi wanda ya shigo da baƙuwar lamba

Bara, a wata kwaleji da ke yankinmu na Malanville, wata ɗalibata da ke shirin jarrabawar BEPC ta yi kwana huɗu ba ta zo aji ba. Iyayenta sun ce zazzaɓi ne. Sai daga baya wata ƙawarta ta tare ni a bakin hanyar Toumboutou, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, ka duba abin da ake yi mata."

Zauren WhatsApp ne na 'yan aji, wanda aka buɗe don tura darussa. Wata lamba da ba ta da suna, mai farawa da +227, wato layin Nijar, ta turo hoton yarinyar da aka ɗauka a wajen biki, an rubuta a ƙasa wai ana ganinta da direbobin manyan motoci. A nan bakin iyaka, inda kogi kawai ya raba mu da Gaya, samun layin ƙetare ba wuya ba ne. Yara suka yi ta tura hotunan dariya, ba wanda ya ce a bari.

Abin da makaranta ta fara yi shi ne kuskuren da nake son mu guje wa. An kira yarinyar ofis a gaban malamai, aka karɓe wayarta, aka tambaye ta me ya kai ta ɗaukar hoto. Aka aika wa babanta da baki, ba bayani. Kafin la'asar ya ce ta gama boko ke nan. Wanda ya yi ƙazafin kuwa yana zaune a aji lafiya lau.

Da za a sake, ga yadda ya kamata. Da farko mutum ɗaya ne zai saurare ta a keɓe, in da hali malama mace, kuma maganar farko ita ce, "Ba laifinki ba ne." Ba a karɓe wayarta, domin duk yaron da ya ga haka ya koyi cewa kawo ƙara asarar waya ce, gobe sai ya yi shiru.

Sai a adana shaida kafin a goge komai. Mai tura saƙo yana da kusan kwana biyu da zai iya danna "Supprimer pour tout le monde" saƙon ya ɓace wa kowa. Don haka a ranar za a ɗauki hoton allon, lamba da rana da lokaci su fito sarai. A ajiye a wuri ɗaya, ba a wayar kowane malami ba, kada mu ma mu zama masu yaɗawa.

Bayan haka a nemi ƙofar da lambar ta shigo. WhatsApp yakan rubuta a cikin zaure ko wani ne ya saka lamba, ko ta mahaɗin gayyata ta shiga. A namu, da muka koma baya, mun ga wani ɗalibi mai kula da zauren ne ya saka ta kwana biyu kafin hoton. Da aka zauna da shi shi kaɗai, ya faɗi cewa abokinsa ne ya ba shi lambar. In ta mahaɗi ne, wannan hanya ta toshe, domin kowa na iya tura shi. Sai a danna "Réinitialiser le lien", a cire duk lambar da ba a san mai ita ba. Kada malami ya kama yaro a kan zato.

Iyaye kuma a je musu gida da shaidar a hannu. Mun ce wa baban, "Alhaji, 'yarka aka zalunta, ga wanda ya yi." Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, ta kuma umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce ta koma ranar Litinin.

Yara su san cewa akwai doka. Dokar fasahar sadarwa ta Benin, mai lamba 2017-20 ta Afrilun 2018, a sashe na 550, ta tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara biyu, ko tarar jaka 500 zuwa miliyan 10 na sefa, ko duka biyun, ga mai muzguna wa wani ta saƙon waya. In akwai hoton tsiraici ko barazana, abin ya wuce makaranta: a kai wa 'yan sanda, ko a kira 138, layin taimakon yara.

Yarinyar ta koma, ta zauna jarrabawarta. Da aka yi wa ajin magana, ba a ambaci sunanta ba. An dai tambaye su abu ɗaya: cikin duk waɗanda suka ga hoton, me ya sa mutum ɗaya kaɗai ta kawo mana?