Layuka Uku Kafin Ka Danna Saye

Sayen hannun jari ko zinariya ko kuɗin kirifto ya zama aikin daƙiƙa biyu a waya, kuma saurin nan shi ke kai mutane da yawa su baro. Ƙwararrun 'yan wannan kasuwa suna da wata al'ada da ke rage musu gaggawa. Kafin su sa kuɗi, sai su rubuta wa kansu 'yar takarda mai layuka uku: me ya sa zan shiga, me zai nuna mini hujjata ta rushe, a ina zan kwashi riba. Ba mai karanta ta sai mai ita, kuma dole ta riga ciniki. Tun ran gini ran zane.

Dalilin rubuta ta tun da wuri shi ne, da zarar kuɗin mutum sun shiga, ya daina zama alƙali ya koma lauyan cinikinsa. Duk labarin da ya goyi bayansa sai ya kama, wanda ya saɓa masa kuma ya kau da kai. Masanin tattalin arziki Terrance Odean ya binciki asusun masu ciniki 10,000 a Amurka, ya wallafa sakamakon a 1998, inda ya nuna mutane sun fi saurin sayar da hannun jarin da ya yi riba, su rungume wanda ke faɗuwa suna jiran ya dawo. Takardar nan muryar mutum ce ta lokacin da hankalinsa ke kwance, aka ajiye ta don ranar da ba zai kasance a kwance ba.

Bari mu ƙaddara wani misali. Mai ciniki yana da jarin naira 500,000, yana kallon hannun jarin wani kamfani a kasuwar hannayen jari ta Legas, ana sayar da shi naira 50. Ga abin da zai rubuta a layin farko: sau uku cikin wata huɗu farashin ya sauko wajen naira 47, kowane karo masu saye suka tare shi, sannan rahoton kamfanin na wata uku ya nuna riba ta ƙaru, ina ganin zai koma naira 62, inda ya tsaya a farkon shekara. Wannan hujja ce, domin ana iya ƙaryata ta. Wanda ya rubuta "na ji an ce zai tashi" ko "kamfanin na da kyau" bai rubuta komai ba, tunda babu abin da zai faru a kasuwa da zai nuna masa ya yi kuskure.

Layi na biyu shi ne zuciyar takardar, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Hujjar mutumin nan ta jingina ne da masu sayen da ke tsaye a naira 47. In aka tashi kasuwa farashi na ƙasa da naira 46, to waɗannan mutane sun janye, dalilin shigarsa ya mutu, sai ya fita. Lura da cewa daga hujjar aka ciro wannan lamba, ba daga aljihu ba. Sabon shiga yakan ce ba zai iya jure asarar da ta wuce naira ɗaya a kowane hannun jari ba, sai ya sa wurin fitarsa a 49. Amma in hannun jarin ya saba kai-komo na naira ɗaya ko biyu a yini, motsin yau da kullum ne zai fitar da shi, ya yi asara alhali hujjarsa na nan da ranta. Kasuwa ba ta san farashin da ka saya ba, ba kuma ruwanta da abin da za ka iya jurewa.

To ina aljihu yake shigowa? A yawan abin da za a saya. Mutumin ya yanke cewa ba zai yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 cikin 100 na jarinsa ba, wato naira 5,000. Daga 50 zuwa 46 naira 4 ne a kowane hannun jari. A raba 5,000 gida 4, an sami 1,250. Iyakar abin da zai saya ke nan, na naira 62,500, duk da cewa kuɗinsa sun isa ya sayi 10,000. Da ya zuba jarin duka, wannan faɗuwar ta naira 4 za ta lashe masa naira 40,000. Wanda bai rubuta layi na biyu ba ba shi da hanyar yin wannan lissafi ko kusa, cikin duhu yake saye.

Akwai kuma rushewar da ba ta farashi ba. Yana iya ƙarawa cewa in mako shida suka wuce farashi na nan yana jan ƙafa tsakanin 49 da 51, zai fita, domin ya ce labarin ribar zai ɗaga shi kuma bai ɗaga ba.

Layi na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Naira 62 wuri ne da farashin ya taɓa kaiwa masu sayarwa suka taso, ba lambar da ya zaɓa don ta isa kuɗin babur ba. In ya kai, ribar naira 12 ce a kowanne, jimla 15,000, a kan kasadar 5,000. Uku ke nan a kan ɗaya. Da irin wannan ma'auni, ko sau ɗaya cikin huɗu ya dace zai tashi ba riba ba asara, kafin a cire kuɗin dillali da sauran caji, waɗanda ba a raina su. In da lissafin ya nuna zai yi kasadar naira 4 don neman naira 3, takardar ta gama aikinta tun kafin ya saya: sai ya bar cinikin.

A manhajoji irin su MetaTrader akwai gurabe biyu, Stop Loss da Take Profit, inda ake zuba lambobin layi na biyu da na uku. Cike su ba ya maye gurbin takardar, domin yatsa ɗaya ke goge su. Yadda abin ke lalacewa sananne ne. Farashi ya sauko 46.50, sai mutum ya matsar da wurin fita zuwa 44 "don a ba shi sarari". Ya sauko 43, sai ya ƙara saye wai ya yi araha. Daga nan sai ka ji yana cewa ai dama don dogon zango ya saya. Alamar da za ka gane ka faɗa ramin ita ce, dalilin da kake ba kanka yau na ci gaba da riƙewa babu shi a takardar. Wurin fita ana iya matsar da shi sama in ciniki ya yi kyau, amma ba a mayar da shi ƙasa.

Sai dai takardar tana da iyaka. Rubuta 46 ba ya nufin za a sami mai saye a 46. A kasuwar Legas an ƙayyade motsin farashin hannun jari a kashi 10 cikin 100 a yini, kuma in mugun labari ya fito, yana iya faɗuwa iyakar nan ba mai tayawa: daga 50 zuwa 45, washegari 40.50. Wanda ya shirya asarar 5,000 sai ya tashi da ta kusan 12,000. Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 15 ga Janairun 2015. Tun 2011 babban bankin Suwizalan ke riƙe da alkawarin cewa yuro ɗaya ba zai yi ƙasa da faran 1.20 ba, kuma mutane da dama sun gina hujjarsu a kan wannan alkawari, suka sa wurin fita ɗan ƙasa kaɗan. Ranar da bankin ya janye ba zato, faran ya yi tsallen kusan kashi 30 cikin 100 a 'yan mintoci, ya tsallake wuraren fitar ba tare da an sami ciniki a kansu ba. Wasu masu ciniki da bashin dillali suka wayi gari ana bin su kuɗi, kamfanin dillanci na Alpari UK kuma ya durƙushe. Mutuminmu na Legas da ya sayi 1,250 da kuɗinsa zai ji zafin irin wannan rana ya ci gaba da kasuwa. Da 10,000 ya saya, faɗuwar kwana biyun nan za ta tafi da naira 95,000 daga jarinsa.