Labarin mai tumatir da baƙuwa

Malaman Turanci kan rubuta wa ɗalibai gajeren labari irin wannan: mai tumatir a kasuwar 'Yankaba, baƙuwa Baturiya ta tsaya gabansa tana tambayar kuɗin kwano. Yana nufin naira dubu goma sha biyar, amma bakinsa ya furta hamsin, domin a Turanci lambobin biyu sun yi kama, ƙarshensu kawai ya bambanta. Baƙuwa ta zare ido. Sai ya rubuta 15,000 a bayan kwali, suka yi dariya, ta maimaita masa lambar a hankali.

Gwanintar marubucin ita ce maimaita tambayar farashi sau uku cikin ciniki, har ta zauna a kunnen ɗalibi. Labarin da aka cika da sababbin kalmomi kuwa, ɗalibi ajiye shi yake yi tun a shafin farko.