Abin da ke sa Windows nawa a cikin KVM, da yadda virtio ke magance shi

Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi tana iya ɗaukar wasu kwamfutoci na manhaja a cikinta, kowace da nata tsarin aiki. Ta zahirin ita ce mai masauki, na cikin kuma baƙi. Wanda ya ɗora Windows a matsayin baƙo a kan KVM ko Proxmox yakan tarar da ita tana jan ƙafa wajen kwafar fayil, alhali diskin mai masauki sabo ne fil. Sau da yawa laifin yana wurin irin na'urar da aka nuna wa baƙon.

Baƙo ba shi da diski ko katin netwok na ƙarfe. Manhajar QEMU ce ke kwaikwayon su, ta nuna masa mahaɗin diski irin IDE ko SATA, da tsohon katin Intel da ake kira e1000. Windows ta san waɗannan, shi ya sa take karɓar su babu gardama. To amma direbansu an rubuta shi ne don ƙarfe, yana bai wa na'ura umarni ɗaya bayan ɗaya. Duk sa'ad da ya taɓa rajistar na'urar, sai furosesa ta dakatar da baƙo, ta miƙa wa mai masauki ya kwaikwayi amsar, sannan a dawo. Aika ƙunshin bayanai ɗaya tak na iya jawo wannan kai-komo sau da dama, ga shi dubbai ake aikawa a daƙiƙa guda. Kamar a aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri, ya dawo a sake tura shi barkono, ya dawo a ce saura daddawa.

Virtio, wanda Rusty Russell ya bayyana tsarinsa a wata maƙala a 2008, ya yi watsi da kwaikwayon. Direban ya san cewa baƙo ne shi. Shi da mai masauki suna da wani yanki na ƙwaƙwalwa da suke tarayya a kai, inda ake jera buƙatu a layi. Baƙo ya zuba buƙatu da yawa, ya yi sallama sau ɗaya, mai masauki ya kwashe su gaba ɗaya, ya mayar da sakamako ta wurin. Dakatarwa ta ragu, furosesa ta samu sarari.

Linux tana zuwa da waɗannan direbobi. Windows kuwa babu su a faifanta, sai an sauko da fayil ɗin ISO mai suna virtio-win, wanda Red Hat ke kula da shi, ake samunsa ta wurin Fedora.

Idan sabuwar ɗorawa ce, abin da sauƙi. A zaɓi VirtIO SCSI wa diski, VirtIO wa katin netwok, a haɗa ISO biyu: na Windows da na virtio-win. Da an iso shafin zaɓen diski za a gan shi wayam. Kada gaba ya faɗi, direba ne babu. A danna Load driver, a shiga faifai na biyu, ga Windows 11 a nufi nan:

```
vioscsi\w11\amd64
```

Nan take diskin zai bayyana. Wanda ya zaɓi VirtIO Block, jakar `viostor` ce tasa. Gara a ɗora `NetKVM` ma tun a nan, domin Windows 11 takan nemi intanet kafin ta kammala. Bayan an gama, a kunna `virtio-win-guest-tools.exe` ya zuba sauran.

Inda ake shan wahala shi ne Windows da ta riga ta zauna a kan SATA. Mai gaggawa yakan kashe ta, ya sauya diskin zuwa virtio, ya kunna, sai ga allo yana cewa `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`. Fayiloli suna nan lafiya lau. Windows ce ta farka ba ta da direban da za ta karanta diskin da take kai, kuma zuba direban kaɗai ba kullum yake isa ba, sai ta taɓa ganin na'urar ido da ido kafin ta sa shi cikin waɗanda ake lodawa da farko. Dabarar ita ce a mayar da diskin SATA, a ƙara wani ƙarami, ko na gigabait 1 ne, a kan irin virtio ɗin da ake so. A kunna, a zuba direba, a duba Device Manager har a ga sunan Red Hat VirtIO ba tare da alamar ruwan ɗorawa ba. Sannan a kashe, a cire ƙaramin, a sauya babban. A Proxmox sai an sake saka shi a Boot Order, abin da ake yawan mantawa.

Katin netwok ba ya hana tashi, sai dai Windows tana ɗaukarsa baƙon kati, don haka adireshin IP da aka kafa da hannu yana nan maƙale a tsohon. A rubuta shi a takarda kafin a sauya.

Kada kuma a sa ran virtio zai ƙara wa layin intanet gudu ko ya mayar da tsohon diski mai juyawa SSD. An fi ganin bambancin a zirga-zirga tsakanin baƙi da mai masauki, da kan diski mai sauri inda ake karanta ƙananan fayiloli birjik.