"Ɗana, kuɗin suna ina?": Ranar da Inna mai daddawa ta fara karɓar taransifa

A watan Fabrairun 2023, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a Najeriya. Babban Bankin Ƙasa ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, an kwashe tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙananan 'yan kasuwa da ba su san wani ciniki ba sai na ba-ni-in-ba-ka.

Cikinsu akwai wata dattijuwa a Kasuwar Rimi ta Kano, wadda kowa ke kira Inna. Daddawa da kuka da barkono take sayarwa, kuma da ribarsu take ciyar da jikoki. Tana da asusun banki da ɗanta ya buɗe mata don ya riƙa turo mata na cefane, amma ba ta taɓa yin ciniki da shi ba. Duk wanda ya ce taransifa zai yi, sai ta ce Allah ya ba da sa'a a gaba.

Wata ranar har azahar ba ta yi cinikin kirki ba, sai ga wani matashi da mahaifiyarsa ta aiko. Ya zaɓi daddawar naira 500, kukar 800 da barkonon 500. Kuɗi suka kama naira 1,800.

"Inna, wallahi ko sisi babu a hannuna, sai dai in tura miki," in ji shi.

Ta yi jim. In ta ƙi, tukunya ba za ta hau murhu ba. In ta yarda aka cuce ta, uwar kuɗi ce za ta yi ciwo. Daga ƙarshe ta kwance bakin zane, ta fito da takardar da aka rubuta mata lambar asusun, lambobi 10. Yaron ya shigar, ya zaɓi banki, sannan ya karanta mata sunan da ya fito kafin ya tura. Ta ce nata ne. Wannan matakin shi ke hana kuɗi faɗawa asusun wani idan an kuskure lamba ɗaya.

Ya tura, ya nuna mata rasit a wayarsa. Inna ta dubi ƙaramar wayarta mai madannai, shiru babu saƙo.

"Ɗana, kuɗin suna ina? A wayarka na gansu, ban gansu a tawa ba."

Kada ku ce ƙauyanci ne. Inna ce da gaskiya. Rasit a wayar mai saye ba hujja ba ce, domin ana iya gyara hoto, akwai kuma manhajojin bogi da ke ƙirƙiro shi. Shi kansa alat ana iya turo na ƙarya daga wata lamba. A ɗaya gefen, kuɗi kan iya shiga amma saƙo ya makara saboda matsalar sabis, kamar yadda aka sha fama a wancan lokacin. Abin da ke raba gardama shi ne ragowar kuɗin da ke cikin asusu.

Shi ne matashin ya nuna mata hanya. Ba sai da babbar waya ko data ba. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa, misali *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, muddin da layin da aka buɗe asusun ne. Ya danna ta bankinta, ya miƙa mata wayar, ya kau da kai har ta sa lambar sirrinta da kanta. Inna ta san naira 3,200 ta bari. Yaron shagon maƙwabcinta ya karanta mata: 5,000. Lissafi ya fita, ta ƙulla masa kaya har da gyara.

Sai dai ba a nan matsalar ta ƙare ba. Matan ƙauye da ke kawo mata daddawa tsaba suke so, masu POS kuma sai sun cire ladansu. Ga mai cin ribar naira 200 ko 300 a irin wannan ciniki, ladan cirewa na iya lashe rabi. Dabarar ita ce a bar kuɗin su taru a cire sau ɗaya, ko a biya dillalin da ke karɓar taransifa kai tsaye.

To, 'yan uwa matasa, idan za ku biya dattijo ta waya, ku karanta masa sunan da ya fito, ku tsaya har ya tabbatar kuɗi sun shiga, kuma kada ku nemi ya faɗa muku lambar sirrinsa ko da taimako kuke nufi. Wanda ya saba faɗa wa na kirki, wata rana zai faɗa wa ɗan damfara. In da hali, ku ɗora ɗan abin cirewa a kai, don kada sauƙinku ya zama asararsa.