Kafin arshitek ya ɗauki fensir

Wanda ya zaga sababbin unguwannin Yamai zai ga gidaje da ƙarfunan gini a tsaye bisa rufinsu suna tsatsa, ana jiran bene. Wasunsu ba za su taɓa ɗaukar benen ba, domin tun farko maigidan bai gaya wa mai zane cewa yana da wannan niyya ba. Irin wannan magana ake rubutawa a zaman farko, kafin a ja layi ko ɗaya, kuma kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.

Ɗauki magidanci mai fili na murabba'in mita 400, da mata ɗaya, ƴaƴa biyar da gyatumarsa. Arshitek zai tambaye shi: "Alhaji, nawa ke hannunka yau?" Nan ne mutanenmu ke ɓoye gaskiya, wai kada a cuce su, ko kuma su ambaci kuɗin da suke tsammani daga wani ƙane da ke waje. Idan miliyan 20 na sefa gare shi, ba duka ne na ɗakuna ba. Katanga, ramin masai, jawo ruwa da wutar NIGELEC, izinin gini daga magajin gari, duk a ciki suke, sannan a ware kashi 10 cikin 100 saboda tashin farashin siminti. Abin da ya rage shi ne gidan.

Sai tambayar gobe, wadda ta fi sauran tsada idan aka tsallake ta. Za a ƙara aure? Samari za su buƙaci ɗaki mai ƙofa ta waje? Idan bene ne a rai, ko da bayan shekara goma, yanzu injiniya zai lissafa faɗin tushe, kaurin ginshiƙai da yawan ƙarfen dal, a kuma bar wa matakala gurbi. In aka yi tushen hawa ɗaya sannan aka ɗora na biyu, za a ga tsaga a karkace daga kusurwar tagogi, ƙofofi su fara ƙin rufuwa. Gyaran wannan sai an tona ƙarƙashin gida da mutane a ciki.

A ganina, zaman da ba uwargida rabin zama ne. Ita ta san da gawayi ake girki ko da gas, inda ake daka, inda ake ɗaure ragon layya. Ita za ta ce a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 wuta kuma ta ɗauke, kowa a tsakar gida yake kwana, don haka kada a cinye filin da falo. Gidajen Niamey 2000, waɗanda arshitek Mariam Kamara da abokan aikinta suka kammala a 2016 da tubalin ƙasa matsattse, sun bar wa kowane iyali sararin zama a waje duk da ƙarancin fili.

Wanda filinsa ke Harobanda ko Saga kuma, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya kai a ambaliyar 2020, a rubuta tsayin daɓen ƙasa a takardar zaman farko.