Filin Manoma: Yadda A Ke Sassauta Takardar Kuka Ba Tare Da An Yafe Hakki Ba

Kowace shekara, da ruwan shuka ya sauka, a kan sami manoman da su ka sayi iri da tsada, su ka shuka, amma rabinsa bai fito ba. Mai wannan hasara ya kan ɗauki alƙalami da zafin rai ya rubuta wa mai sayar da irin takarda. Sau da yawa takardar nan ita ke ɓata maganar, domin mutumin da a ka kira macuci ba ya tsayawa duba lissafi, kāre mutuncinsa zai shiga yi. Waɗansu kuma su kan gudu daga faɗa su faɗa cikin roƙo, har takardar ta zama kamar ta neman sadaka. Duka biyu asara ce. Ana iya sassauta harshe, kuɗin da a ke bi kuwa ya zauna daram, ga kuwa misalin yadda a ke yi.

A ce wata jam'iyyar manoma ta sayi irin gyaɗa ɓararre buhu 10, kowane buhu kilo 50, a kan Naira 75,000 buhu, watau Naira 750,000 ke nan duka. Takardar da ke liƙe a bakin kowane buhu ta nuna cewa ƙwaya 80 cikin 100 za su tsiro. An sayi irin ran 28 ga Mayu, a ka shuka buhu 6 ran 5 ga Yuni bayan ruwa mai kyau, buhu 4 su na nan a ɗinke. Da a ka yi mako guda sai a ka ga gonaki duk gurabe.

Magatakardan jam'iyya bai fara da takarda ba. Ya kira malamin gona da dattawa biyu, a ka zura hannu cikin buhunan nan huɗu, sama da tsakiya da ƙasa, a ka ɗebo iri a ka gauraya. A ka ƙirga ɗari-ɗari kashi huɗu, a ka jera kowane kashi cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, a ka naɗe a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Ran kwana goma a ka buɗe. Kashin fari 38 su ka tsiro, na biyu 42, na uku 41, na huɗu 39. Jimla 160 cikin 400, watau 40 cikin 100, rabin abin da takardar buhu ta faɗa. Sa'an nan a ka mai da ɗinkin buhunan a gaban shaidu, a ka bar takardunsu a jiki.

Wannan gwaji shi ne ƙarfin takardar. Ba don shi ba, mai kanti ya na iya cewa an zurfafa shuka, ko ruwa ya ɗauke, ko kuwa ɓera da kurciya sun tone. Lalle kuwa waɗannan su na hana gyaɗa fitowa. Amma irin da ya ƙi tsiro cikin jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ba ruwan ɓera da shi.

To, ga abin da magatakarda ya fara rubutawa: "Kun cuce mu, kun sayar mana da mataccen iri kuna sane. Wannan zamba ce. Ku dawo mana da kuɗinmu duka nan da nan, in ba haka ba za mu kai ku kotu, mu kuma shaida wa kowa a kasuwa irin halinku."

Wanda ya duba takardar nan da kyau zai ga zafinta ya yi yawa, amma ƙarfinta kaɗan ne. Ba ta faɗi ranar ciniki ba, ba ta faɗi lambar buhu ba, ba ta faɗi yawan kuɗi ba, "nan da nan" kuwa ba rana ce ba. Kana ta ce "kuna sane", abin da jam'iyya ba ta da shaidarsa. Ɓararriyar gyaɗa ta kan mutu da sauri in ta sha zafi ko laima a ajiya, ko in ta daddauje wajen ɓara, ido kuwa ba ya ganewa. Mai yiwuwa shi kansa mai kantin haka a ka kawo masa. Magana zarar bunu ce, balle wadda a ka sa wa hannu. Kiran ɗan kasuwa mazambaci, da alkawarin ɓata shi a kasuwa, su na iya juyar da mai bin bashi ya koma wanda a ke ƙara.

Saboda haka abin da a ke cirewa uku ne: zagi, da zato a kan niyyar mutum, da barazana. Laifin da a ka ɗora wa mutum sai a mai da shi kan kaya. Maimakon "kun sayar mana da mataccen iri", a ce "irin bai tsiro yadda takardarsa ta nuna ba". Hujjar ɗaya ce, amma ta biyu ta bar wa mai kanti ƙofar da zai biya ba tare da ya amsa sunan macuci ba, har ma ya ɗauki takardar ya kai wa wanda ya sarar masa.

Abin da ba a taɓawa shi ma uku ne: abin da ya faru, da yawan kuɗi, da ranar biya. Nan ne jam'iyya ta zauna ta yi lissafi. Buhu 4 da ba a shuka ba, a mayar a karɓi Naira 300,000. Buhu 6 da a ka shuka, kuɗinsu Naira 450,000, tun da rabin abin da a ka yi alkawari ya fito, sai a nemi rabi, watau Naira 225,000, wanda shi ne kuɗin buhu 3 da a ka saya a wani wuri don cike gurabe. Ladan masu sāke shuka Naira 45,000. Jimla Naira 570,000. Ba a nemi Naira 750,000 duka ba, gama gyaɗar da ta fito ta na gona, wanda ya nemi fiye da hakkinsa kuwa ya ba abokin magana abin musu. Ba a kuma sa hasarar amfanin gona ba, domin ba a san ta ba sai kaka.

Ga takardar da a ka aika ran 23 ga Yuni:

"Zuwa ga Alhaji, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, shekara uku ke nan jam'iyyarmu ta na sayen iri a wurinka, ba mu taɓa samun abin kuka ba sai bana.

"Ran 28 ga Mayu mun sayi irin gyaɗa buhu 10 a kan Naira 750,000, ga kwafin rasit da na takardar buhu mun haɗo. Takardar ta nuna 80 cikin 100 za su tsiro. Mun gwada ƙwaya 400 a gaban malamin gona daga 12 zuwa 22 ga Yuni, 160 kaɗai su ka tsiro, watau 40 cikin 100. Ba mu ce da saninka ba ne. Buhu 4 su na nan a ɗinke, ƙofa a buɗe ta ke in ka na so ka aiko a sāke gwadawa.

"Abin da mu ke nema shi ne Naira 570,000, ga lissafinsa a baya. Muna so a biya kafin ran 7 ga Yuli. In ya fi maka sauƙi, ka biya Naira 300,000 ranar da za a ɗauki buhu 4, sauran Naira 270,000 kuma kafin ranar da mu ka ambata. In ranar ta wuce ba a biya ba, za mu miƙa maganar ga Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, amma mun fi son ta ƙare tsakaninmu. Haza wasalam."

Mai karatu ya lura da inda taushin ya ke. Ya na cikin gaisuwa, da tuna cinikin baya, da kawar da zargi, da ba mai kanti damar gwadawa da kansa. An ba shi zaɓi a kan yadda zai biya, ba a ba shi zaɓi a kan ko zai biya ba, ko nawa zai biya. Maganar hukuma kuma sau ɗaya a ka faɗe ta, cikin sanyi, a matsayin abin da zai biyo baya. Hukumar nan ita ce doka ta ɗora wa kula da ingancin irin da a ke sayarwa a Nijeriya, saboda haka ambatonta ba cika baki ba ne. Kada a rubuta matakin da ba a da niyyar ɗauka, domin in rana ta wuce ba a yi kome ba, takarda ta biyu ba ta da sauran kwarjini.

Akwai kuma kalmomin da su ke kama da ladabi, amma su na rushe hakki. "In da hali", da "a taimaka mana", da "ko da wani abu ne", duk su na mai da bashi ya zama alfarma, alfarma kuwa mai yi shi ke yanke yawanta. Wadda ta fi su haɗari ita ce irin "watakila ajiyarmu ce ba ta yi kyau ba". Mai rubutu ya na ganin kawaici ya yi, ashe ya rubuta wa mai kanti amsa da hannunsa. In an san ajiyar ta na da kyau, a faɗa sarai: buhuna su na kan katako a ɗaki mai iska, kwana 8 kacal kafin shuka. In kuwa an san an jibge su a ƙasa laima ta taɓa su, to gaskiya ita ce a rage abin da a ke nema, ko a haƙura.

Hanyar gane ko sassauci ya wuce gona da iri mai sauƙi ce. A ba wanda bai san maganar ba ya karanta takardar, sa'an nan a tambaye shi: me ya faru, nawa a ke bi, yaushe za a biya? In ya amsa ukun nan ba da inda-inda ba, hakki ya na nan. Kana a sāke tambayarsa ko akwai kalmar da zai ji kunyar karantawa a gaban Alhajin da yaransa. In akwai, ita ce za a cire. Ya kyautu kuma takarda ta kwana kafin a aika, gama abin da a ka rubuta da daddare cikin fushi, da safe sai mai shi ya ga ya yi yawa.

In mai kanti ya kawo wani abu daga cikin kuɗin, a karɓa, amma a rubuta a rasit cewa an karɓi kaza, saura kaza, don kada a ce daga baya an gama magana. A ajiye kwafin takardar, wanda ya karɓe ta a kanti kuma ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin.

Daga ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Da jam'iyyar nan ta sayi irinta da wuri, ta yi gwajin ƙwaya 400 kwana goma kafin shuka, da buhu 10 za ta mayar a ɗinke, takardar kuwa da ba ta wuce layi biyar ba.